Turmi Nawa Za a Saro? Lissafin Kayan Sallah Daga Littafin Ciniki

Da zarar watan Sha'aban ya raba, Kantin Kwari a Kano ba ya shiguwa sai da dabara. 'Yan dako ɗauke da diloli, masu baro suna neman hanya, 'yan sari daga Funtuwa, Gusau, Azare, Maraɗi da Damagaram kowa da jerin kayan da ya zo nema. Tambaya ɗaya ce a zuciyar kowannensu: nawa zan saro? Idan ya saro kaɗan, kaya su ƙare a tsakiyar azumi, ya zauna yana kallon masu saye suna wucewa shagon maƙwabci. Idan ya cika hannu, Sallah ta wuce ta bar shi da kaya jibge, jari a kwance, ga dila yana bugo waya yana neman cikon kuɗinsa.

Yawancin 'yan kasuwarmu da ka suke yanke wannan hukunci. Sai mutum ya ce, "Bara an yi ciniki, bari in ƙara," ko kuma, "Bana babu kuɗi a gari, bari in rage." Ba a raina wannan ba, domin wanda ya shekara ashirin a bakin kanta yana da ido. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa tana riƙe ranar da shago ya cika maƙil da ranar da aka wuni ba a yi ko sisi ba, ta watsar da sauran kwanakin da ke tsakani, alhali su ne mafi yawa. Littafin ciniki ba ya wannan zaɓe. Wanda yake rubuta abin da ya sayar kullum, ko da a littafin 'yan makaranta ne, yana da abin da zai fitar da matsakaicin cinikinsa na shekarun baya, ya ɗora sarin bana a kai. Lissafin bai wuce tarawa da rabawa ba. Wahalar tana wajen sanin abin da ya kamata a tara, domin matsakaicin da aka fitar daga lambobin da ba su dace ba ya fi rashin lissafi ɓarna: mutum zai yi kuskure, kuma yana da tabbacin cewa daidai yake.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce mai shagon atamfa ne a Funtuwa, yana saro kaya daga Kwari, kuma muna magana a kan atamfa mai matsakaicin kuɗi, wadda ita ce ta fi tafiya a shagonsa. Lambobin cinikin da za su biyo baya na misali ne, kowa ya sa nasa a madadinsu.

Da wace kalanda za a ƙirga?

Kuskure na farko, kuma wanda har masu ilimin boko suke faɗawa, shi ne kwatanta watan Bature da takwaransa na bara. Mai sayar da kayan Kirsimeti a Jos ko Sabon Garin Kano yana iya yin haka, tunda 25 ga Disamba ba ta motsi: Disambar bara da ta bana abu ɗaya ne a wurinsa. Sallah kuwa watan Musulunci take bi, kuma shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, wato tana gaza ta Bature da kusan kwana 11. A Nijeriya an yi Ƙaramar Sallah ranar 2 ga Mayu a 2022, sai 21 ga Afrilu a 2023, sai 10 ga Afrilu a 2024, sai 30 ga Maris a 2025. Dubi abin da wannan ya yi wa watan Maris kaɗai. Maris na 2022 babu ko kwana ɗaya na azumi a cikinsa, domin sai 2 ga Afrilu aka ɗauka. Maris na 2025 kuwa azumin gaba ɗaya a cikinsa yake. Wanda ya tara cinikin Maris na waɗannan shekaru ya raba, ya haɗa watan da kasuwa ke tafiyar yau da kullum da watan da take ci kamar wuta, kuma lambar da zai samu ba ta wakiltar ko ɗaya daga cikinsu.

Gyaran mai sauƙi ne. A nemo ranar Sallah a littafin kowace shekara, a sa mata alama, a ƙirgo baya mako shida. Wannan zai kai mutum wajen 17 ko 18 ga Sha'aban. Waɗannan kwana 42 su ne kakar Sallah ta mai sayar da yadi, su za a tara a kowace shekara, ko a wane watan Bature suka faɗa.

Me ya sa mako shida, ba makon ƙarshe ba? Saboda tela. Atamfa ba a sa ta yadda aka saye ta, sai an kai ɗinki, kuma kowa ya san cewa da azumi ya yi nisa teloli sukan daina karɓar sabon aiki, wanda aka karɓa ma sai an yi ta sintiri. Don haka cinikin yadi yana kai ƙololuwa ne a farkon azumi zuwa tsakiyarsa, ya fara sauka a goman ƙarshe. Mai sayar da takalma, huluna, mayafai da kayan yara na kanti nasa akasin haka ne, sai a goman ƙarshe kasuwarsa take tashi, har daren Sallah yana ciniki. Mai sukari da gero da dabino kuwa tun kafin a ga wata yake fara nasa. Kowace haja da tsawon kakarta, kuma littafin mai ita ne zai nuna masa inda ta fara tashi da inda ta sauka.

Turmi za a ƙirga, ba naira ba

Abu na biyu shi ne ma'auni. Ɗan kasuwa ya fi riƙe kuɗin da suka shigo, amma a shekarun nan naira ba ta auna komai daga shekara zuwa shekara. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a Yunin shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. Yadin da ake shigowa da shi daga waje ya bi dala, kuɗin mota ya bi mai.

A ce mai shagonmu ya sayar da turmi 600 a kakar Sallar 2022, kowanne naira 5,000, ya tashi da miliyan 3. A 2024 ya sayar da turmi 540 a kan naira 9,000, ya tashi da miliyan 4 da dubu 860. Idan kuɗi ya duba, zai ce kasuwa ta buɗe da fiye da rabi, ya ƙara sari. Alhali turmi 60 ya rage sayarwa. Saboda haka a ƙirga turmi, ko yadi, ko buhu, ko katan, duk abin da ake ɗaga wa mai saye. Sai an gama sanin yawan kaya sannan a buga da farashin yau, a ga ko jari zai ɗauka.

Ga abin da littafinsa ya nuna na mako shida kafin kowace Ƙaramar Sallah: turmi 600 a 2022, turmi 480 a 2023, turmi 540 a 2024, turmi 660 a 2025. Jimla 2,280. A raba huɗu, a samu 570. Wannan shi ne matsakaici a sauƙaƙe, kuma da yawa a nan suke tsayawa. Bai kamata a tsaya ba, domin biyu daga cikin lambobin nan huɗu suna da magana.

Shekarar da ba ta yi kama da sauran ba

Lambar 2023 ta faɗi ƙasa, kuma an san dalili. A farkon shekarar aka yi canjin kuɗi, takardun naira suka ɓace daga hannun mutane, aka yi ta layi a bankuna, tura kuɗi ta waya kuma yau ya tafi gobe ya maƙale. Mako shida kafin 21 ga Afrilu ya fara ne wajen 10 ga Maris, lokacin ƙuncin bai gama sakin mutane ba, musamman mutanen ƙauye da ba su saba da banki ba. Waɗancan turmi 480 ba su nuna yawan masu son atamfa ba, sun nuna yawan waɗanda suka iya samun kuɗi a hannu. Haka wanda littafinsa ya kai 2020 zai tarar da Sallar da aka yi cikin kullen korona.

Irin wannan shekara a ajiye ta gefe. Sai dai a nan akwai tarko, kuma ina ganin ya fi kama mai zafin nema. Ba duk shekarar da ba ta yi daɗi ba ce ake cirewa. Sharaɗin shi ne a iya faɗin dalilin da baki, kuma a tabbata dalilin ba ya nan bana. Tsadar rayuwa ta 2024 ba ta wuce ba, don haka 540 tana nan daram a lissafi. Wanda ya bi son zuciya ya cire duk shekarun da suka ɓata masa rai, ya bar masu daɗi, fatansa ya lissafa ba kasuwa ba. Kuma wuƙar tana yanka ta ɗaya ɓangaren: idan a wata shekara wani mai neman kujera ya zo ya kwashi turmi 100 don rabo, ko aka ɗauki ankon wani babban biki a shagon, wannan ma a zare shi daga jimlar shekarar, sai fa in an tabbata zai dawo.

Abin da aka sayar da abin da aka nema

Lambar 2025 kuma matsalarta daban ce, kuma ita ce ta fi ɓoyuwa. Littafi yana rubuta abin da ya fita daga shago ne kawai, ba ya rubuta matar da ta zo ta tambaya aka ce mata ya ƙare. A ce a waccan shekarar wannan atamfa ta ƙare wa mai shagonmu ranar 12 ga azumi, sai da aka kwana huɗu kafin sabon kaya ya iso daga Kano. A littafi za a ga kwana huɗu babu ciniki, kamar mutane ne suka daina saye, alhali kanta ce ta zama wayam a daidai lokacin da kasuwa ta fi ci.

Yadda ake gane wannan a tsohon littafi shi ne a ga ciniki yana tafiya 24, 26, 25 a rana, kwatsam ya faɗo sifiri ko biyu, bayan 'yan kwanaki kuma ya koma inda yake ko ya zarce. Buƙatar mutane ba ta irin wannan faɗuwa a tsakiyar azumi. Idan aka ga haka, a ɗauki cinikin kwanakin da suka gabaci yankewar a cike gurbin. Turmi 25 a rana sau kwana huɗu, 100 ke nan. Amma ba duka aka rasa ba, domin wasu abokan ciniki na gida sun jira, sun dawo da kaya suka iso, kuma cinikinsu ya riga ya shiga littafi. A ce mai shago ya kintata waɗanda suka dawo sun ɗauki turmi 40. Saura 60 da suka tafi wani wuri. Ke nan ainihin abin da aka nema a 2025 ya kai 720, ba 660 ba.

Wanda bai yi wannan gyara ba yana ɗaure kansa da kansa. Kaya sun ƙare masa bara, littafi ya nuna ƙaramar lamba, ya saro daidai da ita, su sake ƙarewa bana, lambar ta sake fitowa ƙarama. Shekara biyar yana cewa kasuwarsa ba ta wuce haka, alhali sarinsa ne bai wuce haka ba. Maganinsa layi ɗaya ne a ƙasan kowane shafi: abin da aka tambaya babu. Yaron shago ma zai iya ja masa 'yar sanda duk lokacin da aka juya mai saye.

Yanzu lambobinmu uku ne: 600, 540 da 720. Jimla 1,860, a raba uku, 620.

Akwai ƙarin gyara guda. Kasuwar bara ta fi kama da ta bana fiye da ta shekara huɗu da suka wuce: unguwa ta ƙaru, an buɗe sababbin shaguna, aljihun mutane ya canja. Don haka ake ba shekarar kusa nauyi fiye da ta nesa. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙirga mafi tsufa sau ɗaya, ta tsakiya sau biyu, ta bara sau uku. Wato 600, da 1,080, da 2,160, jimla 3,840. A raba da shida, tunda ɗaya da biyu da uku shida ne, a samu 640. Ba wata doka ce ta ce lallai ɗaya, biyu, uku ba. Al'ada ce mai sauƙin riƙewa, kuma tana aiki matuƙar bara ba ita ce shekarar da ta fita daban ba.

Wannan ne ma ya sa tsohon littafi sosai ba ya ƙara haske kamar yadda ake zato. Tunda Sallah tana matsowa da kwana 11 duk shekara, a shekara goma ta matsa fiye da wata uku, kuma sai ta yi kusan shekara 33 kafin ta zagayo inda ta taso. Sallar 2016 a farkon Yuli aka yi ta, tsakiyar damina, lokacin kuɗin manomi suna gona, rumbu ya yi ƙasa. Sallar da ta faɗo kusa da kaka kuwa tana samun manomi da kuɗi a hannu. Ga mai shago a gari irin Funtuwa, inda noma ne ke juya kasuwa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Shekara uku zuwa biyar na kusa sun isa.

Ninkin Sallah

Duk abin da muka yi zuwa yanzu baya yake kallo. Bai san halin da ake ciki bana ba. Akwai hanya ta biyu da take shigo da bana cikin lissafi, ita ce a tambaya: sau nawa kakar Sallah take ninka cinikin yau da kullum?

Mai shagonmu ya koma littafi ya duba makonnin da babu wata hidima. A nan sai an yi hattara da Rajab da farkon Sha'aban, domin lokacin ne ake rububin ɗaura aure kafin azumi, masu haɗa lefe suna ɗaga ciniki. Gara a ɗauko daga watannin da suka gabace su. Ya tarar a 2022 yana sayar da turmi 40 a mako, wato 240 a mako shida, Sallah kuma ta kawo 600: ninki biyu da rabi. A 2024 turmi 30 a mako, 180 a mako shida, Sallah ta kawo 540: ninki uku. A 2025 turmi 40 a mako, 240, Sallah ta kawo 720: ninki uku. Matsakaicin ninkin ya kama 2.8.

Bana kuma, a watannin da suka wuce, turmi 35 yake sayarwa a mako. Mako shida 210 ke nan. A buga da 2.8, a samu 588, a ce 590.

To ga amsa biyu, 640 da 590. Ba saɓani ba ne, kowacce da abin da take faɗa. Ta farko tana cewa Sallolin baya sun yi kyau, musamman ta bara. Ta biyu tana cewa kasuwar bana ta ɗan yi sanyi idan aka kwatanta da bara. Tunda tazarar ba ta wuce turmi 50 ba, a tsaya a tsakiya, wajen 615. Da a ce ɗaya ta ce 640 ɗaya ta ce 400, to ba tsakiya za a nema ba, dalili za a nema: ko wani ya buɗe shago a layin yana karya farashi, ko yayin wannan atamfa ya wuce mata sun koma wata, ko kuwa akwai kuskure a ƙirgar.

Matsakaici ba shi ne sari ba

Wannan 615 tsakiyar hasashe ce kawai. Duba yadda shekarun suka kauce wa matsakaicinsu na 620: ɗaya da 20, ɗaya da 80, ɗaya da 100. Idan aka daidaita, kaucewar tana kai turmi 65 zuwa 70 a shekara. Ke nan bana ana iya neman 550, ana iya neman 680, kuma duka biyun ba abin mamaki ba ne. Wanda ya saro 615 cif, to ya sani kusan shekara ɗaya cikin biyu kaya za su ƙare masa.

Ko a haura matsakaici ko a tsaya ƙasa da shi, wannan ya danganta da wanne ya fi ciwo, rashin kaya ko ragowar kaya. A ce yana saro turmi a naira 10,000 har da kuɗin mota, ya sayar 11,500. Duk turmin da aka nema babu, ya rasa 1,500. Wanda ya kwana bayan Sallah kuma ba ruɓewa zai yi ba: Babbar Sallah tana tafe bayan kwana 70 ko kusa da haka, ga bukukuwan bayan Sallah. A ce in ya matsu zai sake shi a 9,500, asarar 500. Ribar ta ninka asarar sau uku. Ma'ana, ko da damar sayar da ƙarin turmi ɗaya ce cikin huɗu, bai faɗi ba: a shekara huɗu zai ci 1,500 sau ɗaya, ya yi asarar 500 sau uku, an tashi canjaras. Don haka mai irin wannan haja ya kamata ya tanadi adadin da sai shekara ɗaya cikin huɗu buƙata za ta haura shi. A lambobinmu, wannan yana nufin ƙara wajen turmi 55 a kan 615, a tsaya a 670.

Juya lissafin ga mai kayan yara na kanti waɗanda ake yayi. Riga mai ribar 2,000, wadda in Sallah ta wuce sai an karya 3,000 kafin ta fita, tunda yayi ya wuce kuma yara sun girma. Shi ƙasa da matsakaici ya kamata ya tsaya, ya haƙura da juya mutum biyu-uku a daren Sallah. Mai raguna a Babbar Sallah ya fi kowa sanin wannan, domin ragon da ya kwana bayan layya farashinsa ya faɗi, kuma kullum sai ya ci dusa da harawa. Wannan ma dalili ne na kada a haɗa littafin Sallolin biyu wuri guda. A Ƙarama kuɗin gida tufafi suke tafiya, a Babba rago ne ke cin kaso mafi tsoka.

Daga 670 a cire abin da ke kan kanta. A ce akwai turmi 70 masu kyau, ba waɗanda suka shekara biyu ana juya su ba. Abin sarowa 600.

Kada a saro duka rana ɗaya

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gaskiya ne wanda ya bari sai azumi ya kama zai tarar da zaɓaɓɓun zane sun ƙare a Kwari, farashi ya motsa. Amma zuba jari duka a tafiya ɗaya ma ba dabara ba ce ga wanda Kano ba ta yi masa nisa ba. Mai shagonmu ya saro kashi biyu cikin uku, turmi 400, kafin tsakiyar Sha'aban, ya riƙe kuɗin 200 a hannu. Da 70 na kanta, yana da 470 na fara kaka.

Abin da zai gaya masa yadda zai yi da ragowar kuɗin yana cikin littafin nan dai. Ya duba yadda cinikin mako shidan yake rabuwa a shekarun baya. A ce ya tarar makon farko yana ɗaukar kashi 10 cikin ɗari, na biyu 15, na uku da na huɗu 25 kowanne, na biyar 15, na ƙarshe 10. Ke nan idan mako biyu suka cika, daidai lokacin da ake ɗaukar azumi, rubu'in cinikin kakar ya kamata a ce ya fita. Rubu'in 615 kusan 154 ne. Ranar sai ya ƙirga. Idan 150 ne ko 160, hasashe yana kan hanya, ya je ya ɗauko 200 ɗinsa. Idan 120 ne, a buga da huɗu, kakar tana nuna 480, kuma 470 da ya tanada sun kusa isa, sai ya ɗan cike zanen da suka fi tafiya kawai. Idan 180 ne, tana nuna 720, ya ƙara a kan 200 ɗin, kuma ya yi sauri, domin makonni biyu masu zuwa su ne rabin kasuwar gaba ɗaya.

Kafin ya yanke hukunci a kan lamba mai rauni, ya dubi kalandar Bature sau ɗaya, don a nan tana da amfani: albashi. Sallar 2022 da ta 2025 sun zo a gaɓar ƙarshen wata, ta 2023 ta zo 21 ga wata, kafin a biya yawancin ma'aikata. Idan mako biyun farko sun faɗa tsakiyar wata a garin da ma'aikata suke da yawa, ciniki yana iya jinkiri ne kawai, ba raguwa ya yi ba. A jira albashi ya sauka da kwana biyu ko uku kafin a ce kasuwa ta mutu.

Wannan dabara ta sari biyu tana da iyaka. Tana yi wa wanda kayansa ke isowa cikin kwana biyu ko uku. Babban dila da ke yin oda daga Sin watanni kafin azumi ba shi da wannan dama, dole hasashensa ya tsaya da ƙafarsa tun farko, shi ya sa kuskurensa ya fi tsada. Haka kuma matsakaici yana faɗin turmi nawa ne, ba ya faɗin wane zane ko wace kala za a yi yayi. Sabon zane ba shi da tarihi a littafin kowa. A nan idon ɗan kasuwa da bakin teloli da abin da mata ke tambaya su ne jagora, kuma hikima ita ce a ɗauko kaɗan-kaɗan daga zane da yawa a sarin farko, a zuba kuɗin sari na biyu a kan waɗanda suka fara ƙarewa.

Wanda bai taɓa rubutawa ba, ba shi da abin da zai raba bana, amma yana iya fara tara na baɗi. Abu biyar ake bukata a kowane shafi: kwanan watan Musulunci a gefen na Bature, irin hajar, adadin da ya fita, farashin da aka sayar, da abin da aka tambaya babu. A fara daga 15 ga Sha'aban mai zuwa, kada a tsallake rana har daren Sallah.